Yadda Ake Rubuta Gajeren Labarin Karatu da Tambayoyi ga Yaron da Ajinsa Ya Yi wa Nisa

A darasin yamma da nake yi a Garwa, sau da yawa akan kawo mini yaro ɗan aji biyar wanda karatunsa na ɗan aji biyu ne. Littafin ajinsa ya fi ƙarfinsa. In kuma na miƙa masa na ƙannensa, mai hoton kaza da ƙwallo, sai ya ɗaure fuska, domin ɗan shekara goma sha biyu ya san an raina shi. Shi ya sa nake rubuta labarin da kaina, kalmomin su zama masu sauƙi, zancen kuma na sa'anninsa.

Da farko ka gano inda ya tsaya. Ba shi rubutu mai kalma 50 ya karanta da ƙarfi, kai kuma kana ɗiga alama a takarda duk inda ya yi tuntuɓe. Kada ka gyara masa a lokacin. In kuskure ya wuce biyar, rubutun ya yi masa nauyi, ka sauko ƙasa. In uku ne zuwa biyar, nan ne wurin aikinku. In ya zarce sumul, ka ƙara hawa.

Sai rubutun. Kalma 60 zuwa 80 sun isa, kowace jimla ta ɗauki abu ɗaya, sababbin kalmomi kada su wuce biyu ko uku, kuma ka koya masa su kafin ya fara. Ga wanda na yi amfani da shi kwanan baya:

"Ran Asabar Inna ta aiki Sani kasuwa ya sayo kifi. Ta ba shi dala ɗari. A hanya hadari ya taso. Sani ya fake a rumfar wani tela. Da ruwa ya ɗauke, ya ruga kasuwa. Ya tarar masu kifi sun tashi. Sai ya sayo wake, ya ƙulle canjin a bakin riga. Da Inna ta buɗe leda, ta yi dariya, ta ce: Yau kifin namu ba shi da ƙaya."

Na kawo shi da Hausa, kuma da ita nake fara wa yaro mai rauni sosai. Amma tunda da Faransanci ake karatu a yawancin makarantunmu, haka nan za ka gina shi a can, sai dai ka rage kalmomi masu haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, don su ne ke fara kayar da shi.

Tambayoyi su ne wurin da aka fi yin ɓarna. Uku sun wadatar, kowace da aikinta. Ta farko amsarta na kwance a jimla ɗaya: "A ina Sani ya fake?" Wannan ta sanyaya masa zuciya ce. Ta biyu sai ya haɗa jimloli biyu ko uku kafin ya samu: "Me ya sa Sani bai sayo kifi ba?" Wanda ya ce "masu kifi sun tashi" ya kama rabi. Wanda ya ƙara da cewa ruwa ne ya tsare shi har kasuwa ta watse, shi ya bi labarin. Ta uku ba a rubuta amsarta ko'ina ba: "Mene ne kifin da ba shi da ƙaya?" Wata yarinya ta yi shiru, ta koma sama da yatsa, can sai ta fashe da dariya ta ce, "Malam, ai waken ne!"

Tambaya iri biyu nake watsi da su. Akwai wadda ake amsawa ba tare da an duba takarda ba, kamar "Ina ake sayar da kifi?" Duk ɗan da ya tashi a bakin Binuwai ya san wannan. Ka gwada tambayoyinka a kan yaron da bai ga labarin ba. Wadda ya amsa daidai, ka soke ta. Akwai kuma wadda ta kwafi kalmomin jimlar, har yaro ya nemo kalma mai kama ya juye layin gaba ɗaya. Alamarsa ita ce amsa doguwa, mai tsabta, wadda ba ya iya maimaitawa da bakinsa in ka kife takardar.

In ya kasa amsa tambaya ta biyu da ta uku, kada ka yi saurin yanke hukunci. Karanta masa labarin da kanka, ka sake tambaya da baki. In ya amsa, fahimtarsa lafiya lau, haɗa haruffa ne ke cinye masa ƙarfi, sai ya maimaita labarin sau uku a kwana daban-daban har ya daina tsayawa. In bai amsa ba ko da ya ji da kunne, to kalmomin ne ko harshen ne baƙo a gare shi, sai ku zauna ku yi hirar labarin tukuna. Nakan ƙara tsawo da kamar kalma 20 ne kawai bayan ya ci labari uku a jere.