Sabon shugaban tawaga, sauke hannunka daga allon rubutu

Jama'a, kuskuren da na fi gani ga gwanin manhaja da aka ɗora kan tawaga shi ne ƙwace aiki. Yaronka ya kwana biyu yana fama da matsala, kai ka san minti talatin ya ishe ka, sai ka karɓa ka gyara da daddare. Aiki ya fita, amma bai koyi komai ba, gobe ma kai zai jira. Alamar ita ce duk wani gyara sai ya bi ta teburinka, ranar da ka yi zazzaɓi komai ya tsaya cak. Zauna kusa da shi, ka tambaye shi me ya gwada, shi ya riƙa bugawa. Ƙwacewa sai in manhajar ta faɗi masu amfani suna jira, kuma washegari ku bi gyaran tare.