Babi na Bakwai: Tara Kilo da Giram

Darasi na 1: Kilo daban, giram daban

Wanda ya sayi buhun shinkafa 2 da kwano 3 ba zai ce ya sayi "biyar" ba, domin buhu da kwano ba girmansu ɗaya ba. Haka kilo da giram suke. Dukkansu nauyi suke aunawa, amma kilo babba ne, giram ɗan ƙarami ne ƙwarai. Sai an tara giram 1000 kafin a sami kilo 1.

A jikin sikeli da ledar kaya ana rubuta kilo da haruffa biyu: kg. Giram kuma da harafi ɗaya: g. Idan kun ga 2 kg, ku karanta "kilo biyu". Idan kun ga 300 g, ku karanta "giram ɗari uku". Ku sa yatsa a kan harafin kafin ku karanta lambar, domin harafin ne ke gaya muku abin da ake ƙirgawa.

Ku haddace waɗannan uku, ku faɗe su da baki:

Kilo 1 giram 1000 ne.
Rabin kilo giram 500 ne.
Kwatan kilo giram 250 ne.

Dokar wannan babi guda ce: kada ku tara komai sai kun mayar da duk nauyin zuwa giram. In kun gama tarawa, sai ku mayar da amsar zuwa kilo da giram.

Darasi na 2: Mayar da kilo zuwa giram

Idan kilo ne zalla, aikin ba wuya. Ku rubuta lambar, ku ƙara mata sifili uku a hannun dama. Kilo 2 ya zama giram 2000. Kilo 7 ya zama giram 7000.

Idan kilo ya zo tare da giram, sai ku haɗa su. Kilo 1 da giram 750 shi ne 1000 a tara da 750, wato giram 1750. Yawancin ɗalibai suna cin wannan a karon farko, saboda 750 lambobi uku ne, sun cike gurbin sifilai ukun daidai.

Inda ake tuntuɓe shi ne idan giram ɗin bai kai ɗari ba. Mu ɗauki kilo 2 da giram 50. Hannu yakan yi sauri ya rubuta 2, ya manna masa 50, ya zama 250. Ku duba da kyau: 250 kwatan kilo ne kawai, kilo biyun nan duk sun ɓace. Wani kuma yakan tuna cewa lambobi huɗu ake so, sai ya liƙa sifili a ƙarshe ya rubuta 2500. Shi ma bai yi daidai ba, domin 2500 kilo biyu da rabi ne, ya mayar da giram 50 ya zama giram 500.

Amsar ita ce 2050. Ga yadda za ku riƙa samun ta kullum. Ku rubuta lambar kilo, sannan ku zana ɗakuna uku a damanta. Ɗakunan nan uku na giram ne. Ku fara cika su daga dama, wato daga ɗakin ƙarshe, kuna komawa hagu. Ɗakin da ya rage babu kowa, ku zaunar da sifili a cikinsa. A kilo 2 da giram 50, 0 ya shiga ɗakin ƙarshe, 5 ya shiga na tsakiya, ɗakin farko ya rage, sai a sa masa sifili: 2, 0, 5, 0.

Mu sake. Kilo 3 da giram 40. A rubuta 3, a zana ɗakuna uku, 40 ya ci ɗakuna biyu na dama, saura ɗaya, a sa sifili. Giram 3040.

Mu ƙara. Kilo 1 da giram 5. A nan 5 ɗaki ɗaya kawai ya ci, na ƙarshe. Saura ɗakuna biyu, don haka sifili biyu. Giram 1005. Wanda ya rubuta 15 ko 105 ko 1500 ya koma ya zana ɗakunansa, ya fara daga dama.

Idan kun ɓata a nan, ba komai, kusan kowa a wannan wurin yake fara ɓatawa. Dalilin kuwa shi ne ba ma furta sifilin da baki. Muna cewa "kilo biyu da giram hamsin", kunne bai ji sifili ba, sai hannu ya manta da shi. Saboda haka kada ku dogara da kunne, ku ƙirga ɗakunan da yatsa: ɗaya, biyu, uku.

Aiki: ku mayar da waɗannan zuwa giram. Ku rufe amsar da tafin hannu sai kun gama.
(a) kilo 4 da giram 600
(b) kilo 5 da giram 25
(c) kilo 6 da giram 8
(d) kilo 10 da giram 20
Amsa: 4600, 5025, 6008, 10020.

Darasi na 3: Lissafin mai haɗa yaji

Wata mai sana'ar yaji ta auno kayan haɗinta a kasuwa, tana so ta san jimillar nauyinsu kafin ta kai inji. Ga abin da ta saya: barkono kilo 2 da giram 50, citta kilo 1 da giram 750, kanumfari giram 300, masoro giram 85, gishiri rabin kilo.

Mataki na farko, kowanne ya koma giram. Barkono ya zama 2050, da sifilinsa a ɗakin farko. Citta 1750. Kanumfari da masoro dama giram ne, ba a taɓa su, kuma ba a ƙara musu sifili: 300 da 85. Gishiri rabin kilo, 500.

Mataki na biyu, a jera su wani ƙarƙashin wani, lambobin ƙarshe su daidaita a hannun dama kamar sahu.

```
2050
1750
 300
  85
 500
----
4685
```

Ku lura da inda 85 ya tsaya. Ya jingina da dama. In kuka tura shi hagu ƙarƙashin 20 na 2050, ya zama 8500, lissafi ya rushe.

Ana fara tarawa daga dama. Layin ƙarshe: 0, 0, 0, 5, 0, ya ba da 5. Layi na gaba: 5, 5, 0, 8, 0, ya ba da 18, a rubuta 8 a riƙe 1. Layi na uku: 0, 7, 3, 5 sun ba da 15, da 1 da aka riƙe 16, a rubuta 6 a riƙe 1. Layin farko: 2 da 1 da wanda aka riƙe, 4. Jimilla giram 4685.

Mataki na uku, a mayar da amsa. Ku ƙirga lambobi uku daga dama ku ja layi. Abin da ke dama da layin giram ne, na hagu kilo ne. Kayan yajin kilo 4 ne da giram 685.

Yanzu a ce ta rubuta barkono 250 maimakon 2050. Jimilla za ta fito 2885, wato kilo 2 da giram 885. Giram 1800 sun salwanta a takarda, kusan kilo biyu, saboda sifili guda. Da wannan lambar za ta ƙiyasta ƙulli nawa za ta samu, da ita kuma za ta yanka farashi. Amma akwai hanyar kama kuskuren tun kafin ya yi ɓarna. Kafin ku yarda da amsa, ku tara kilo zalla da ka: barkono 2, citta 1, sun zama 3. Jimilla ba za ta taɓa kasa kilo 3 ba. Da zarar kun ga 2885, kun san an yar da sifili a wani wuri.

Jama'a, wannan dubawar ba ta cin minti ɗaya, amma sai a ga ɗalibi ya rubuta amsa ya rufe littafi. Wasu kuma da sun ci lissafi biyu sai su daina zana ɗakuna, su ce sun iya, a na uku kuma sifilin ya sake faɗuwa. Ba a hana ku sauri ba, amma sai hannu ya saba. Ku zana ɗakunan a kowane lissafi har ƙarshen wannan littafi, ko da kuna ganin abin yara ne.

Abu ɗaya kuma: mudu da tiya da gwangwani ba sa shiga wannan lissafi. Su cikar mazubi suke aunawa. Mudun barkono da mudun gishiri ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da aka auno da mudu sai an ɗora shi a sikeli tukuna. In kuma a cikin roba aka auna, a auna robar ita kaɗai a cire nauyinta.

Darasi na 4: Sikeli mai nuna lamba da ɗigo

Sikelin batir yakan nuna nauyi haka: 1.250 kg. Abin da ke hagu da ɗigo kilo ne, na dama ɗakunan giram ne. Wato kilo 1 da giram 250, giram 1250.

Wani lokaci a jikin leda za ku ga 1.5 kg. A nan dokar cika ɗakuna ta juya: lambar da ke bayan ɗigo daga hagu take fara zama, sifilai su biyo bayanta. 1.5 kg giram 1500 ne, kilo ɗaya da rabi. 1.05 kg giram 1050 ne. 1.005 kg giram 1005 ne. Ku rubuta ukun nan a jere ku kalle su har sai idonku ya rabe su.

Aiki: kilo 2 da giram 75, a tara da giram 950, a tara da 1.5 kg.
Amsa: 2075 da 950 da 1500 sun ba da 4525, kilo 4 da giram 525. Wanda ya sami 2725 ya rubuta 275 a farko, ya koma Darasi na 2.

Darasi na 5: Lita da mililita

Lita 1 mililita 1000 ce, don haka ɗakuna uku ne kamar na kilo. Ana rubuta mililita ml. Man gyaɗa lita 1 da mililita 250, da mililita 750, da lita 2 da mililita 30: 1250, 750, 2030. Jimilla 4030, lita 4 da mililita 30.

Darasi na 6: Mita da santimita

Mita 1 santimita 100 ce, saboda haka ɗakuna biyu za ku zana. Mita 2 da santimita 5 sun zama 205. A tara da mita 1 da santimita 80, wato 180. Jimilla 385, mita 3 da santimita 85.