Kada maganar mutum ɗaya ta ɗaga maka hankali

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga shawara ga ma'aikatan ƙungiyoyi a nan Yamai da ake yi wa auna aiki na 360, wato a tambayi shugabanka, abokan aikinka, waɗanda ke ƙarƙashinka, da kai kanka.

Yawanci kowa yana cika takardar tambayoyi iri ɗaya ba tare da sa suna ba, yana ba da maki daga 1 zuwa 5. Sai a fitar da matsakaicin kowane rukuni daban. Rukunin da bai kai mutum uku ba akan haɗe shi da wani, don kada a gane mai magana.

Misali, abokan aiki biyar sun ba ka 4, 4, 4, 5 da 1 a kan sauraron mutane. Matsakaici ya zama 3.6, sai ka ɗauka aikinka ya ja baya. Amma jera makin daga ƙarami zuwa babba ka dubi na tsakiya: 4 ne. Mutum ɗaya ne ya ja lissafin ƙasa, wataƙila shi ne ya rubuta "ba ya jin maganar kowa."

Ka bar rahoton ya kwana tukuna. Sannan ka duba ko wannan ƙorafin ya fito a wani rukuni. In na ƙarƙashinka ma sun ba ka 2 da 3 a nan, to batun na da tushe, ka nemi misali takamaimai wajen shugabanka. In ba haka ba, ka ajiye shi har zagaye na gaba. Kada kuma ka shiga farautar wanda ya rubuta. In aka ji, badi kowa 4 zai ba ka don a zauna lafiya.