Kurakuran da aka fi yi wajen rufe sirrin mutane a hoton da aka tantance

A ce hoto yana yawo a WhatsApp, ana cewa ɓarawon yara aka kama jiya a Marwa, a arewacin Kamaru. Ka bincika ka gano ba Marwa ba ce, Garwa ce, hatsarin babur ne kuma aka taru ana kallo. Hujjarka allon wani shago da lambar motar da ke gefe, mai farawa da NO ta jihar Arewa, ba EN ta Arewa Mai Nisa ba. Sai ka zagaye su da jan layi ka tura wa jama'a. A nan ne mafi yawanmu ke yin kuskuren farko.

Abin da ka zagaye ya wuce abin da hujjar ke bukata. Haruffa biyun nan sun isa su nuna jiha, sauran lambar ta mai motar ce. Allon shago kuwa a garuruwanmu kusan kullum yana ɗauke da lambar waya, wadda galibi ita ce ta Orange Money ko MoMo ta mai shagon, kuma 'yan damfara irinta suke nema. Ka bar haruffan jihar da sunan unguwa, ka rufe saura. Haka fuskar mutumin da aka yi wa ƙazafi. Mutane da yawa hoton kawai za su gani, ba za su karanta bayaninka ba, ga shi jan layinka ya ƙara nuna shi. Wanda aka kira ɓarawon yara, ransa ne ke cikin haɗari idan aka gane shi a kasuwa.

Kuskure na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne yadda ake rufewar. Ana son dusashe wuri ko mayar da shi ƙananan murabba'ai domin ya fi kyan gani. Amma dusashewa ba ta share bayani, cuɗa shi kawai take yi. Lambar wayar hannu a Kamaru gurbi tara gare ta, na farko kuma 6 ne, kowane gurbi ɗayan goma ne. Mai nema zai iya rubuta lambobi, ya dusashe su irin yadda ka yi, ya gwada har ya dace. A 2022 an fitar da manhajar Unredacter da ke yin wannan aiki a kan rubutu. Fuska ma haka: a 2007 'yan sandan Jamus da Interpol sun warware fuskar wani mai laifi da ya murɗa ta a hoto, aka kama shi a Tailan. Alƙalamin haskaka rubutu na cikin waya shi ma ba ya rufewa, ko da baƙi ka zaɓa, don ana iya gani ta cikinsa. Gyaran shi ne ka ɗora akwati mai launi ɗaya, cikakke, ya ɗan zarce gefen abin. Sannan ka jarraba: buɗe hoton, ƙara haske da bambancin launi har ƙarshe, ka zuƙo. In ka ga ko inuwar lamba, sake.

Ana kuma rufe fuska a manta da sauran mutum. A unguwa, tabo a hannu, rigar makaranta mai suna, lambar da ke bayan rigar mai babur ko fentin ƙofar gida sun isa maƙwabci ya ce wane ne. Duba gilashin mota da madubin babur ma, sau da yawa mai ɗaukar hoton yana ciki.

Sai abin da ido ba ya gani. Hoton da aka ɗauka da waya yana ɗauke da bayanan EXIF: rana, sa'a, irin waya, wani lokaci har da GPS na wurin. WhatsApp yana cire su idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin Document don kada ya rage kyau, suna tafiya tare. Yanke hoto ma ba kullum ne yake yankewa ba. A 2023 an gano cewa a wayoyin Pixel da manhajar Snipping Tool ta Windows ana iya dawo da ɓangaren da aka yanke. Hanya mafi sauƙi ita ce bayan ka gama rufewa, ka ɗauki hoton allon wayarka, shi za ka tura. Kafin nan ka duba saman allon, kada sunan wanda ya aiko maka da lambarsa su fito. Na asalin ka ajiye shi a wurinka, ko da za a nemi hujja daga baya.