Babi na 7: Me ya sa tiransista ke ƙonewa, kuma wane hitsink za ka saya masa?

To jama'a, a wannan babin za mu ɗauki aiki guda ɗaya ne mu bi shi tun daga farko har ƙarshe, wato ƙaramar cajar waya da ake haɗawa da batirin sola, irin wadda tiransista ɗaya ke rage wutar batir ya mayar da ita bolt 5. Tiransistan da za mu yi amfani da shi shi ne TIP41C, mai baƙin jiki da ƙafa uku da ɗan ƙarfe mai huda a bayansa, wannan siffar ita ake kira TO-220, duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ko amfilifaya ya san shi.

Abu na farko, daga ina zafin yake fitowa? Batirin sola idan rana ta yi ƙarfi yana caji zai kai wajen bolt 14, waya kuma bolt 5 take so, to ragowar bolt 9 ɗin nan ba ɓacewa suke yi ba, a kan tiransistan suke tsayawa tsakanin kalekta da emita. Idan wayar tana jan amfiya 1, sai ka ninka wutar da ta tsaya a kansa da wadda ke ratsa shi:

```
P = Vce × Ic
P = 9 × 1 = 9 W
```

Wat 9 kenan, kuma duk zafi ne. Ka lura wayar wat 5 kawai ta samu, tiransistan kuma ya ƙona 9 a banza, shi ya sa cajojin kasuwa ba sa bin wannan hanyar, amma don koyon lissafin zafi babu misalin da ya fi shi sauƙi. Kuma ka lura da bolt 14 muka yi lissafi ba da 12 da aka rubuta a jikin batir ba, saboda kullum da lokacin da ya fi tsanani ake lissafi.

Zafin nan ba a jikin robar da kake taɓawa yake tashi ba, can ciki ne, a kan wata 'yar ƙwayar silikon da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, masu gyara suna ce wa wurin jankshan. Kamfani ya ce jankshan ɗin TIP41C kada ya wuce digiri 150, a takardar bayanin tiransistan za ka ga an rubuta shi Tj. Matsalar ita ce ba ka da yadda za ka kai ma'aunin zafi wurin, dole sai dai ka lissafa shi daga waje.

Yanzu ga tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Takardar ta ce TIP41C na ɗaukar wat 65, sai mutum ya ce ai wat 9 wasa ne, ya jona shi tsirara babu komai a bayansa, kafin ka ce kwabo hayaƙi ya tashi. Wancan 65 ɗin da sharaɗi yake, sai idan an riƙe ƙarfen bayansa a digiri 25 daidai, abin da babu wanda zai iya a shago. Idan ka ƙara duba takardar za ka ga wani adadin a ƙasa, wat 2 kacal idan yana tsaye shi kaɗai a iska, shi ma ɗin sai iskar tana digiri 25.

To ta yaya zafin ke fita? Matakai uku yake bi ɗaya bayan ɗaya: daga jankshan zuwa ƙarfen bayan tiransistan, daga wannan ƙarfen zuwa hitsink, wato ƙarfen alminiyum mai haƙarƙari da ake ɗaura shi a kai, sannan daga hitsink zuwa iska. Kowane mataki yana ɗan tare zafin, kamar mutanen da suka taso daga kasuwa za su fita ta ƙofa uku a jere, duk ƙofar da ta matse sai cunkoso ya taru a bayanta. Wannan tarewar ita ake aunawa da °C/W, ma'ana digiri nawa zafi zai ƙaru a kan kowane wat ɗaya da ya bi ta wurin. Ƙaramin adadi shi ne mai kyau, hitsink mai 4 ya fi mai 20 nesa ba kusa ba, a nan ne mutane ke juya abin su ɗauka babban adadi ne ya fi.

Matakan suna da suna a takarda. RθJC shi ne daga jankshan zuwa jiki, na TIP41C kusan 1.92 ne, kuma wannan ba ka da ikon canja shi, haka aka ƙera shi. Idan kana so ka ga daga inda ya fito, cire 25 daga 150 ka raba da 65, za ka same shi. RθCS shi ne daga jiki zuwa hitsink, wannan ya dogara da yadda hannunka ya ɗaura. RθSA kuma daga hitsink zuwa iska, shi ne wanda za ka je kasuwa ka zaɓa. Tunda a jere suke, tara su ake yi:

```
Tj = Ta + P × (RθJC + RθCS + RθSA)
```

Ta shi ne zafin iskar da ke kewaye da hitsink ɗin. Kafin mu ci gaba mu gwada shi tsirara mu gani, takarda ta ba da adadi ɗaya na daga jankshan kai tsaye zuwa iska, RθJA, wajen 62.5. Ninka 9 sau 62.5, ya haura digiri 560 tun ba a ƙara zafin gari ba, tabbas ba zai kai can ba domin zai mutu tun a hanya.

Maganar Ta tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne lissafin da aka kwafo daga littafi yake cin amanar mutum. Kamfanoni da digiri 25 suke ba da adadinsu, mu kuma a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu zafin inuwa ma yana kai 40 har ya wuce, sannan cajar nan a cikin akwati take a rufe, wataƙila a shago mai rufin kwano. Iskar cikin akwatin ita ce Ta, ba ta tsakar gida ba. Don haka mu ɗauki 50.

Sai iyakar da za mu sa wa jankshan. Kamfani ya ce 150, amma wannan bakin rami ne, tiransistan da ke zama kusa da 150 kullum ba ya daɗewa, ni dai 120 nake sa wa nawa. Tsakanin 50 da 120 akwai digiri 70, su ne jarinmu gaba ɗaya, kuma wat 9 ne za su raba su:

```
(120 − 50) ÷ 9 = 7.8 °C/W
```

Wato matakan uku idan an tara kada su wuce 7.8. Na farko ya riga ya cinye 1.92.

Na biyun fa? Ƙarfen bayan TIP41C haɗe yake da kalekta, ma'ana yana ɗauke da wutar batir, idan ka ɗaura shi kai tsaye a kan hitsink da ke taɓa akwatin ƙarfe ko layin negetib, ka haɗa shot. Shi ya sa ake sa ɗan siririn maika, wato wani ɗan falle da wutar lantarki ba ta ratsa shi, a tsakani da 'yar robar da ke raba kusa da ƙarfen. Amma maika na tare zafi. Idan ka shafa farin man nan na tiransista gaba da baya, RθCS zai zama wajen 1.6, idan kuwa ka sa maikan a bushe zai iya ninka haka. Man ba don a cika shi aka yi ba, aikinsa kawai ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani inda iska ke maƙalewa, shafi siriri ya isa, wanda ya lafta da yawa ya ƙara wa zafin shinge ne da hannunsa. Bayan ka ɗaure kusar ka sa mita tsakanin ƙarfen tiransistan da hitsink, idan ta yi ƙara to maikan ya yage ko robar ta goce.

Abin da ya rage wa hitsink kenan:

```
RθSA = 7.8 − 1.92 − 1.6 = 4.3 °C/W
```

Sai ka nemi mai 4 ko ƙasa da haka. Mu mayar da shi cikin lissafi mu tabbatar: 1.92 da 1.6 da 4 sun zama 7.52, sau 9 ya ba da kusan 68, a ƙara 50, jankshan na digiri 118. Ya yi. Shi hitsink ɗin kansa zai kai 50 da 36, wato 86, zafin da ba za ka iya ajiye yatsa a kai ba ko na daƙiƙa biyu, amma tiransistan lafiyarsa ƙalau. Su kuwa ƙananan hitsink ɗin nan masu kamar akwatin ashana da ake maƙala wa TO-220, yawancinsu wajen 20 ne, gwada 20 a lissafin ka gani, jankshan ya wuce 260.

Za ka ce malam, ai hitsink ɗin da muke samu daga tsohuwar talabijin ko inbata muke ciro shi, babu wani adadi a jikinsa. Gaskiya ne, kuma kana iya auna shi da kanka. Ɗaura tiransistan, sa masa lodin da ka san wat ɗinsa, bar shi kamar rabin awa har zafin ya daina hawa, sannan ka auna hitsink ɗin dab da tiransistan da wayar auna zafi ta mitarka, ka auna iskar ɗakin ma. A ce ɗakin 35 ne, hitsink ya tsaya a 80, bambancin 45, raba da wat 9, ka samu 5. Da wannan a ranar zafi jankshan zai kai wajen 127, bai kai 150 ba amma ya haura iyakar da muka sa, sai ka yanke shawara, ko ka nemi babba ko ka sa masa ƙaramar fanka. Kuma yadda ka kwantar da shi yana canja adadin, haƙarƙarin a tsaye ake so domin iska mai zafi ta haura ta tsakaninsu, akwatin kuma ya samu huda sama da ƙasa, ƙurar hunturu idan ta toshe tsakanin haƙarƙarin ita ma tana ɓata lissafin.

Akwai kuma inda hitsink ba zai cece ka ba komai girmansa. A ce an jona waya biyu, amfiya ya zama 2, zafi wat 18. Digiri 70 raba 18 ya ba da 3.9, jikin tiransistan da maika sun cinye 3.52, saura ƙasa da 0.4, wannan sai ƙaton ƙarfe da fanka mai ƙarfi. A nan gyaran daga ciki yake, ko ka raba aikin wa tiransista biyu kowanne da ƙaramin rizisto a emitansa don kada ɗaya ya kwashe wutar shi kaɗai, ko ka koma babba irin TIP3055 mai RθJC wajen 1.4 da faɗin baya, ko kuma ka bar wannan tsarin ka sayi bod ɗin rage wuta mai kunnawa da kashewa da sauri wanda ba ya ƙona ragowar.

Aikin gida: batir yana bolt 13, fitarwa bolt 5, lodi amfiya 0.8, iskar cikin akwati digiri 45, TIP41C da maika da mai, jankshan kada ya wuce 120. Nemo wat ɗin da farko, sannan RθSA. Idan amsarka ta yi nisa da 8.2, koma ka duba ko ka manta cire na maika.