Darasi na Bakwai: Kuɗi Sun Shigo, Amma na Wace Oda Ne?

Biyan kuɗin oda ta waya yakan zo da lambobi biyu. Ta farko ita ce lambar oda, wadda mai saye yake rubutawa da hannunsa lokacin tura kuɗi. Ta biyu ita ce lambar shaidar biya, wadda kamfanin tura kuɗi yake fitarwa da kansa, ta zo cikin saƙon alat. Ta farko tana iya zuwa da kuskure. Ta biyu kuwa, kowane biya da tasa, ba a maimaita ta. Don haka ita ce madogararka.

Ga misali. Kuɗi sun shigo da ƙarfe 10:42 na safe, an rubuta oda 2471. Ka duba littafinka, babu irin wannan oda. Amma akwai 2417 da 2431, kuɗinsu iri ɗaya, kuma duka ba a biya ba. Zuciya za ta ce maka 2417 ce, an dai juya lambobi biyun ƙarshe. Wataƙila haka ne, amma kada ka saki kaya kan zato.

Duba sunan wanda ya turo da lambar wayarsa. In sun dace da na mai oda 2417, magana ta ƙare. In ba su dace ba, kada ka yi saurin zargi, domin mutane da yawa da wayar ɗan'uwa ko ta wakilin tura kuɗi suke biya. Kira mai odar ka ce, "Don Allah karanto mini lambar shaidar biya, da lokacin da ka tura." Shi zai karanto, kai kana dubawa. Kada ka soma faɗa masa abin da ke gabanka, don mai son zamba "e, ita ce" kawai zai ce. A lura da sifili da harafin O, da kuma 1 da harafin I, sukan rikita ido.

Hoton rasit ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Ko saƙon alat ma akwai na jabu. Shiga asusunka ka ga kuɗin da idonka.

Da zarar ka tabbatar, rubuta lambar shaidar a gaban oda 2417. Wannan ne zai hana wani ya zo gobe da lambar nan ya karɓi kaya a karo na biyu.

Idan kuma lambar wayarka ce mai saye ya kuskure, kuɗin ba su iso gare ka ba. Ya kira kamfanin tura kuɗin nan take da lambar shaidarsa. Kuɗin da suka shigo aka rasa odarsu, ware musu shafi dabam, in za a mayar, a mayar ta lambar da ta turo su kaɗai.

Aikin gida: zana layuka biyar a littafinka, na lambar oda, lambar shaida, adadin kuɗi, lokaci da sunan mai turowa. Cike su da biyan da ya shigo maka na ƙarshe.