Kurakuran da aka fi yi a takardar tushen zanen ƙaramar gada

Kafin injiniya ya fara lissafin rodi ko kaurin deki, akwai takarda mai shafi biyu zuwa huɗu da yake rubutawa: wane kundin ƙa'ida za a bi, wane nauyi gadar za ta ɗauka, da wane kankare da rodi, kuma shekara nawa ake so ta yi. Mai aiki da mai duba lissafi su sa hannu, sannan a hau zane. A nan Kano, yawancin waɗanda ke zuwa tebur ɗina kwafe su ake yi daga wani tsohon aiki, a sauya sunan unguwa kawai. Bari mu ɗauki gada guda mu bi ta: mai tsawon mita 12 a kan babbar magudanar ruwa irin waɗanda ke zuba a Jakara, faɗin titinta mita 7.3.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a rubuta "za a bi BS 5400", wato kundin Birtaniya na zanen gada, a yi shiru, ba a faɗi bugun wace shekara ba. Mutum zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A bugun 1978, nauyin motocin yau da kullum, wanda ake kira HA, kN 30 ne a kowace mita ta kowane layi, muddin tsawon bai wuce mita 30 ba. Daga baya aka gane wannan ya yi wa gajerun gadoji kaɗan, domin tireloli biyu ko uku sun isa su cika su. Shi ya sa BD 37, kundin da ya sabunta nauyin BS 5400, ya zo da wannan lissafi tun bugun 1988, na 2001 wato BD 37/01 ma ya riƙe shi, ga tsawon L da bai wuce mita 50 ba:

```
W = 336 × (1/L)^0.67
```

Ka sa 12 a gurbin L, za ka samu kusan kN 63.6 a kowace mita, wato fiye da ninki biyu na tsohon adadi. A duka bugun biyu ana ƙara nauyin kN 120 da ke zama a wuri guda a kan layin. Titi mai mita 7.3 layi biyu ne, kowanne mita 3.65. Yanzu a duba ƙarfin lanƙwasa a tsakiyar gadar, na layi ɗaya:

```
M = wL²/8 + PL/4
1978:     540 + 360 = 900 kNm
BD 37/01: 1145 + 360 = 1505 kNm
```

Wanda ya bi tsohon bugu ya rage wa bim ɗinsa kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin motoci, kuma bai yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. Mai dubawa ma ba zai iya kama shi ba, tunda takardar ba ta ce komai ba. Gyaran jimla ɗaya ce: a rubuta sunan kundi, sashe da shekarar bugu, a kuma fitar da adadin nauyin da ya shafi wannan gada ƙarara, kada a bar mai karatu ya je ya nemo.

Ƙanin wannan kuskure shi ne mantawa da HB, nauyin babbar motar dakon kaya na musamman. Ana auna shi da yunit, kowane yunit kN 10 ne a kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, aksul ɗin kuma huɗu ne. Yunit 30 ya kama kN 1200, yunit 45 kuma kN 1800, wajen tan 180 ke nan. Ba injiniya ke zaɓar adadin shi kaɗai ba, hukumar da ke da titin ce za ta amince a rubuce. Kuma kada a ce ai titin cikin unguwa ne, sai Adaidaita Sahu. Ranar da aka rufe babban titi don gyara, ta nan tifofin yashi da tirelolin siminti za su ratse, ba wanda zai tambaye ka.

Sai gwamutsa kundi biyu. Matasan da suka koyi EN 1991-2, kundin Turai na nauyin gada, a makaranta kan ɗauko nauyinsa, kamar aksul biyu masu kN 300 kowanne a layin farko, su ninka da 1.35, sannan su koma BS 5400 don lissafin rodi. Wani kuma ya ɗauki HA ya ninka da 1.35 ɗin, alhali nasa 1.5 ne, kuma akwai ƙarin 1.1 a kai. Kowane kundi an daidaita nauyinsa da adadin kariyarsa tare, idan ka raba su ba ka san inda ka tsaya ba. Ka zaɓi gida ɗaya ka zauna. BS 8110 kuwa na gidaje ne, ba ya cikin maganar gada, ko da shi ne wanda hannu ya saba da shi.

Wajen kayan aiki, "kankare mai ƙarfin 30" ba bayani ba ne. Talatin na kubu, ko na silinda? Idan aka rubuta C32/40, adadin farko na silinda ne, na biyu na kubu, ɗakunan gwajinmu kuma kubu suke fasawa. Mai zane ya yi lissafi da 32 na silinda, ɗan kwangila ya kawo sakamakon kubu 32 yana murna, an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ba wanda ya lura. Rodi ma haka: a rubuta 460 ko 500 a takarda, abin da aka sauke daga kasuwa kuma bai kai ba, wani lokaci kaurinsa ma bai cika ba. Takardar ta faɗi ƙarfin da aka yi lissafi da shi, ta kuma wajabta gwajin ja a kan kowane lodi kafin a ɗaure shi. Mita ɗaya ta rodi mai milimita 16 ya kamata ta auna kusan kilo 1.58. Ƙaramin sikeli a wurin aiki ya isa ya tona asirin wanda aka sirance.

Maganar shekarun gada ita ce wadda aka fi rubutawa ba tare da an yi tunaninta ba. BS 5400 ya ɗora lissafinsa a kan shekara 120, EN 1990 kuma 100 ga gadoji. Sai ka ga an rubuta 120 a shafin farko, a shafi na uku kuma tazarar rodi da fuskar kankare milimita 25, irin ta dekin gida. Ƙafafun gadar da za su zauna cikin ruwan kwata, balle idan magudanar na ɗauko ruwan majema ko na masana'antu daga Bompai ko Sharada, suna buƙatar tazara mai kauri da kankare marar ƙofofi, a kuma gwada ruwan da ƙasar wurin. Takardar ta kuma rarrabe abin da zai yi shekarun nan duka da abin da za a riƙa sauyawa, kamar kwalta, robar da bim ke zama a kai da mahaɗar deki, ta nuna inda za a sa jak ranar sauyin.

Kada kuma a rikita shekarun gada da girman ambaliyar da aka yi zane dominta. "Ambaliyar shekara 50" ba ta nufin sai bayan shekara 50 za ta zo, tana nufin yiwuwar zuwanta kashi 2 cikin ɗari ne a kowace damina. Cikin shekara 120, yiwuwar a gan ta aƙalla sau ɗaya ya haura kashi 90. Saboda haka a rubuta matakin da ruwan zai kai, tazarar da aka bari tsakaninsa da ƙasan bim, da zurfin zaizayar da ake tsammani a gindin harsashi. A magudanan cikin birni ruwan Agusta ba shi kaɗai yake zuwa ba, da leda da katifa da rassan itace yake tafe, don haka idan tsawon zai yiwu ba fila a tsakiya, a rubuta hakan cikin sharuɗɗa tun farko. Matakin ruwan kuma a haɗa lissafi da shaidar wurin: tabon da ya bari a katangun makwabta, da abin da dattawan unguwa suka gani da idonsu, a sa mai safiyo ya ɗauki tsayinsa a shigar cikin takardar.